Lambar Sirri a Bakin Kasuwa

A da, in kana Abijan ko Kumasi kana son aika kuɗi gida, mutum kake nema. Ka je tasha ka yi ta dube-dube har ka ga fuskar da ka sani, ɗan Tasawa ko ɗan Mayahi mai shirin komawa. Ka ƙulle kuɗin a tsumma, ka gaya masa wannan na uwarka ne, wannan na ƙanwarka. Ya iso lokacin da Allah ya kawo shi, ya ci tuwo a gidanku, ya ba da labarin ko ka yi ƙiba ko ka rame. Na aika ta haka, na kuma ɗauko wa wasu ta haka, shekarun da nake bin fataken fata ina yi musu tafinta. Daga baya manda, takardar aika kuɗi ta gidan waya, ta zo, da layinta mai cinye wuni. Yanzu kuwa yaro yana Agadas ya danna waya, kafin ya mayar da ita aljihu ta tsohuwarsa ta yi ƙara a Issawane. Ban yi kewar tsumma ba. Abin da ban sani ba shi ne, mutanenmu sun ɗauki amanar da suke ba ɗan saƙo sun ɗora ta kacokan a kan mai shagon tura kuɗi, har da abin da bai kamata a ba shi ba.

Jikata ce ta jawo ni cikin maganar. Tana aiki a Yamai, a wani kamfanin tura kuɗi ta waya, kuma ita ke kula da shafinsu inda mutane ke bin su. Ta zo Tasawa hutu da aiki a jaka. An ba ta wani bayani na Faransanci, gajerun saƙonni a jere, ɗaya biye da ɗaya, masu nuna yadda kuɗi ke tafiya daga waya zuwa waya. Ana son a sa shi da Hausa.

"Tsohon mijina," in ji ta, don haka take kirana tun tana ƙarama, "ga ranarka ta zo. Harsunan nan da kake ta yi mana alfahari da su, yau za su yi amfani."

"Wa ya rubuta wannan?" na tambaye ta bayan na karanta.

"Shugaban sashenmu."

"To, ki ce masa ko a Faransa ba a yi wa mai jin yunwa magana haka."

Kalmomi ne manya-manya, kowacce sai an buɗe ta an duba cikinta. Na ce mata ba za a juya wannan ba, sai dai a sake shi. Ta yi mini bayani, na yi ta tambaya, tana ƙosawa ina ƙosawa, har na gane abin da kyau, muka zauna muka rubuta.

Saƙon farko ya ce kuɗinka ba cikin wayarka suke ba. Kamfani ya buɗe maka asusu a kan lambar layinka, da katin shaidarka, wayar kuma ƙofa ce kawai da kake leƙa asusun. In ta faɗa rijiya, ka je da katinka a sake maka layin, ka tarar da abinka. Na biyu ya yi maganar zubawa. Ka miƙa wa wakili, wato mai shagon, takardun kuɗi, shi kuma ya turo maka daidai wannan daga ajiyarsa ta waya, wadda shi ma saya ya yi da kuɗinsa. Saƙo ya shigo maka, ya shigo masa. Na uku turawa: ka danna lambar sabis ɗin, ka sa lambar wanda za ka tura wa, ka sa adadi, ka duba da kyau kafin ka amince, sannan ka sa lambarka ta sirri. A rage a naka, a ƙara a nasa, a cire ɗan ladan turawa. Babu takarda ko ɗaya da ta motsa daga inda take. Na huɗu cirewa, wato zubawa ce aka juya: naka na waya ya koma wa wakili, shi ya ba ka na hannu. Nan muka bayyana dalilin da ya sa ranar kasuwa wakili kan ce kuɗin hannu sun ƙare. Aljihun teburinsa ne ya ƙare, naka yana nan, ka iya cirewa a wani shagon. Muka faɗi cewa duk abin da ke yawo a wayoyi, doka ta sa kamfani ya ajiye kwatankwacinsa a banki. Muka faɗi cewa in ka tura wa lambar da ba ita ba ka kira kamfani nan take, amma in wancan ya riga ya cire, dawowarsu da wuya. Muka ce in saƙo ya zo wai an turo maka kuɗi bisa kuskure ka mayar, ka fara duba asusunka tukuna.

Na ƙarshe shi ne na lambar sirri. Faransancin ya ce kada ka ba kowa, ko da wakili ne. Na ce wannan ya bushe, kunnen Bahaushe zai wuce shi. Sai na sa: "Kada ka faɗa wa kowa lambarka ta sirri, ko da wakilin da ka sani tun yana yaro ne." Jikata ta tafa, ta ce wannan shi zai kama mutane. Sannan ta ce rabin masu amfani da abin ba sa karanta boko, in karanta kowane saƙo da bakina ta ɗauka a waya, a sa murya ƙarƙashin rubutu. Na karanta. Ta koma Yamai.

Da aka sa jerin a shafin, na ce ta riƙa karanta mini abin da masu bi ke cewa. Na yi nadamar tambaya. Wani ya ce yaushe za a raba kyauta. Wani ya ce rezon waya ba ya kamawa a garinsu, sai ka ce ni ne na kafa eriya. Wani ya ce wannan Hausar ta tsofaffi ce. Kaɗan ne suka bi jerin har ƙarshe, kuma daga tambayoyinsu na gane mafi yawa sun tsaya a na biyu. Na ga yadda ake wannan harka a Gana, na ga ta Kano, ko'ina akwai masu gaggawa. Amma mu namu daban ne: ba ma karanta abu duka, sai mu zaɓi guntun da ya fi daɗin maimaitawa mu tafi da shi.

Guntun da aka zaɓa shi ne muryata ta ƙarshe. Wani ya ciro ta ita kaɗai ya tura wa zauren ƴan garinsu na waya, daga nan ta shiga wani, ta shiga wani, ba kai ba gindi, ba sunan kamfani. Tsoho kawai yana cewa kada ka yarda da wakilin da ka sani tun yana yaro.

Ni asalina Gidan Amumune ne, kuma babu babba a can da bai san muryata ba. A bakin kasuwar garin akwai shagon tura kuɗi, na ɗan ƙanena ne. Ya sayar da babur ɗinsa na kabu-kabu da bijimi guda kafin ya samu jarin buɗe shi, da shi yake ciyar da gida. Mutane suka haɗa biyun, suka ce tsohon da ɗan ƙanensa yake, ya san wani abu a kansa, kunya ce ta hana shi kama suna.

Ya kira ni, ko gaisuwa bai ƙarasa ba.

"Baba, mi na yi maka?"

"Me ya faru?"

"Kai za ka tambaye ni? Muryarka ce ke yawo gari. An ce ka ce ni ɓarawo ne."

Na ce ban kama sunan kowa ba, maganar ta duk ƙasar ce. Ya ce duk ƙasar ba su san shi tun yana yaro ba, ƴan Gidan Amumune suka san shi. Ya ce masu zubawa sun ja baya, wasu har Mayahi suke kai kuɗinsu, in haka ta ci gaba ladan da kamfani ke ba shi ba zai biya hayar shago ba. Na kira jikata na ce ta cire saƙon. Ta ce ko ta cire a shafinsu, wanda ke wayoyin mutane ba ta da iko da shi, kuma maganar gaskiya ce, shugabanta ya ma yaba.

"Ke da shugabanki kuna Yamai," na ce mata. "Ni ne nake da ƙane."

Ranar kasuwa na bi mota zuwa Mayahi, daga can na hau babur. Na tarar da shi zaune bayan teburinsa, fuska a ɗaure. Ya tashi ya ba ni kujera don dole. Gefen shagon akwai bishiyar dogon yaro, nan ƴan kabu-kabu ke jiran fasinja, kusa da su kuma mai cajin waya da allonsa cike da wayoyin mutane.

Zaman da na yi a nan ne ya nuna mini yadda ake aikin. Mutum zai zo, ya yi sallama, ya miƙa wa ɗan ƙanena waya. Shi zai danna komai. In an zo wurin lambar sirri sai ya ɗaga kai, mai wayar ya faɗa da baki, shi ya danna. Wasu ma ba sai sun faɗa ba, ya riga ya haddace, don shi ya zaɓa musu ranar da ya buɗe musu asusu. Ba ha'inci ya kawo haka ba. A wurinsu wanda ka ba ajiya ba ka ɓoye masa komai, in ka kare allon waya da hannu a gabansa kamar ka ƙirga kuɗi ne a idon wanda ya kawo maka saƙo. Kuma tun da muryata ta fita, waɗanda suka tsaya masa sun ƙara ɗaga murya wurin faɗin lambar, don kowa ya ji su ba sa zarginsa. Wani dattijo ya faɗi tasa yana kallona ido cikin ido.

"Ka gani?" in ji ɗan ƙanena. "Masu mutunci ke nan. Abin da nike so, Baba, ka sake wata muryar. Ka ce ban da ni."

"Ba zan ce ba."

"Don mi?"

"Don kai ma kana ciki. Kamfaninku da kansa ya hana ka karɓar lambar mutum. Ranar da kuɗin wani suka ɓata, wa za a fara kamawa? Wanda ya san lambar."

"Shekara nawa ina nan, dalar wa ta ɓata?"

"Ban ce ta ɓata ba."

"To mi ya kawo maganar yaro? Wane yaro?"

Muna cikin haka wata tsohuwa ƴar Issawane ta iso daga cikin kasuwa, da ƙwaryar man shanu a ka. Taubashiyata ce, ɗiyar ƙanwar mahaifina da aka aurar cikin Buzaye makiyaya, kuma ita ce ke gaban matan rugarsu a duk abin da ya shafi kasuwa. Inda ta kai wayarta, nan sauran ke kai tasu. Ɗanta na Agadas ya turo mata kuɗin dusa. Ta biya wurin mai caji ta karɓi wayarta da ta bari tun safe, ta juyo ta gan ni.

"A'a! Ga mai rediyo. Kai, bawana, yawon duniya bai ishe ka ba, sai ka dawo ka tona wa ɗanka asiri?"

"Uwar gida, ban tona wa kowa asiri ba. Ki saurari maganar daga farko."

"Na saurara har sau nawa. Ni na yi masa wankan jego da uwarsa, ni ce na san shi tun yana yaro. Da ni kake."

Ta dangwara wayar a tebur. Ɗan ƙanena ya danna, ya ɗaga kai. Ta gyara tsayuwa, ta juya wajen kasuwa yadda kowa zai ji, ta ce, "Bakwai!"

Daga ƙarƙashin dogon yaro ƴan kabu-kabu suka amsa baki ɗaya, kamar masu amshin waƙa: "Biyu, biyu, tara!"

Suka fashe da dariya. Ba da mugunta suka yi ba, kowane mako suna jin ta, ta zauna musu. Mai caji ma yana dariya, har ya ce shi tun bara ya iya ta. Tsohuwar ba ta yi dariya ba. Ta dubi samarin, ta dubi allon cajin inda wayarta ke wuni ba mai tsaro, ta dubi ɗan ƙanena.

"Kai, ɗan nan. In wani ya ɗauki wayar ga, ya san wagga lamba, mi zai iya yi?"

Ya ce, "Zai iya tura su duka inda ya so, Inna."

"Ba sai ya zo wurinka ba?"

"Ba sai ya zo ba."

"Kuma ka bar ni ina shela?"

Ta zagi ƴan kabu-kabu har kakanninsu, ta zagi mai caji, ta zage ni don ban zo tun da wuri ba, ni da ta gama zagi don na yi magana. Ta ce a sake mata lamba yanzu, kuma ko shi kada ya gani.

Nan wahalar ta fara. Ba ta san lambobin boko ba. Ɗan ƙanena ya buɗe mata wurin da ake sauyawa a wayar, ya miƙa mata wayar, ya juya ya fuskanci bango. Ni na nuna mata da yatsa a kan tawa wayar cewa ba sai ta san sunansu ba, ta riƙe wurarensu kawai, kamar yadda take gane rumfuna a kasuwa, wannan na kusurwa, wannan na tsakiya. Ta kore ni gefe ta zaɓi nata. Lokacin da sabis ɗin ke bayarwa ya ƙare tana tunani, aka sake daga farko. Layi ya taru a bayanta, ana ta tsaki. Da ƙyar ta sauya. Aka zo cirewa, ta danna ba daidai ba. Ta sake, ba daidai ba. Na ce ta dakata ta natsu, don in ta kuskure ta uku za a rufe asusun. Ta ce ba ni zan koya mata natsuwa ba, ta danna. Aka rufe.

Ɗan ƙanena ya kira kamfani, suka ce sai ta zo ofishinsu na Mayahi da katin shaidarta. Katin yana Issawane cikin adaka. Ta zauna a ƙasa ta ce ga abin da boko ya ja mata, kuɗinta na nan tana ganinsu ba ta iya taɓawa, awakinta kuma ba su san wani ofishi ba. Matan rugarsu suka kewaye ta, wata ta ce gara su koma ba direba saƙo. Na ga ɗan ƙanena yana kallonsu, na san lissafin da yake yi. In suka tafi, rabin shagonsa ya tafi.

"Baba, ka ga abin da ka jawo," ya ce da ni a hankali.

"Na gani."

Ya kulle aljihun tebur, ya ba mutanen layi haƙuri, ya rufe shago da rana tsaka ranar kasuwa. Ya ari babur wurin ɗaya daga cikin masu amshin nan, ya ɗauke ta zuwa Issawane don katin. Washegari ya sake ɗauko ta ya kai ta Mayahi, da mansa da lokacinsa. An buɗe asusun, ta sa sabuwar lamba yana waje a tsaye. Ta ƙi cirewa a Mayahi. Ta ce a shagonsa za ta cire, aka dawo da ita, ta danna da kanta yana fuskantar bango, ta samu a karon farko. Ta fito ta gaya wa duk wanda ta gamu da shi cewa yaron nan ko an ba shi lamba ba ya karɓa.

Na kwana uku a garin, ina zama bakin shagon ina kunna wa mutane jerin daga farkonsa. Kaɗan suka saurara har ƙarshe. Wani ya ji na farko ya ce to in kuɗin ba cikin wayar suke ba, don me ake sayar da ita da tsada. Na daina amsawa. Jikata ta kira ta ce saƙon nan na ƙarshe ya fi kowane yawo a tarihin shafinsu, ana so in sake yin wani a kan biyan kuɗin lantarki. Na ce ta nemi wani tsohon.

Shagon bai rufe ba. Bai kuma koma yadda yake ba. Wasu dattawa sun ji haushin a juya musu baya, suka koma wurin wani sabon wakili a can ƙarshen kasuwa da har yanzu yake danna wa mutane. Aikin ɗan ƙanena ya ƙara nauyi, don kowace tsohuwa sai ya jira ta lalubi maɓallanta, layinsa ya fi na kowa jinkiri, kuma duk zuwana sai ya gaya mini haka. Masu zubawa dai sun dawo, matan Issawane ba su tafi ba, maganar sata ta mutu. Tun daga lokacin, a shagon nan ba a ƙara faɗin lambar sirri da baki ba, waɗanda ya haddace tasu duk sun sauya, kuma shi bai san ta kowa ba.